Takardar MRI ta ce faifai ya danne jijiya: sai an yi mini aiki ke nan?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekaruna 46, koko da ƙosai nake sayarwa a Aboabo, nan Kumasi. Na daɗe da ciwon baya, amma sati biyar da suka wuce na sunkuya zan sauke tukunya, tun daga ranar ciwon ya sauko ƙafata ta hagu har babban yatsa. An yi mini hoton MRI, ɗana ya karanta takardar ya ce faifai uku sun lalace, jijiya ta danne. Ga abin da aka rubuta:

```
L3-L4: Diffuse disc bulge indenting the thecal sac.
L4-L5: 5 mm left paracentral disc protrusion
       compressing the traversing left L5 nerve root.
L5-S1: Disc desiccation. Mild bulge abutting the
       right S1 nerve root.
```

Sai bayan sati uku zan ga likita. Shanyewa zan yi? Dole sai an yi mini aiki?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi.

A cikin layuka ukun nan, guda ɗaya ne ya dace da ciwon ƙafarki, wato na tsakiya. Sauran biyun irin abin da ake gani ne a bayan mutane da yawa masu shekarunki, har waɗanda ba su taɓa kukan baya ba. Shi ma na tsakiyan, yawancin masu shi suna samun sauƙi ba tare da an kai ga wuƙa ba. Amma akwai sharaɗi, kuma da shi zan fara, domin shi ne abin da ba ya jiran sati uku.

Idan kika ga fitsari ya ƙi fita, ko yana zubowa ba ki sani ba, ko kin daina jin marar ta cika. Idan wajen zama da matse-matsi suka mutu, har ki yi tsarki ba ki ji ruwan yana taɓa ki ba. Idan bayan gida ya fara kuɓuce miki. Idan ciwon ko mutuwar ta kama ƙafafu biyu. Ko kuma ƙafar hagun ta soma rauni yana ƙaruwa, silifa na zamewa, yatsu na jan ƙasa, to a ranar nan za a kai ki sashen gaggawa na asibitin Komfo Anokye, ko da tsakar dare ne. Ba a bari sai gari ya waye, ba a fara zuwa wajen mai ɗori. Yawancin waɗannan alamomi suna nuna cewa an matse tarin jijiyoyin da ke kula da mafitsara da dubura, kuma a nan da awoyi ake lissafi. Abin ba kasafai yake faruwa ba, kuma babu alamarsa a abin da kika faɗa. Na sa shi a gaba ne don ɗanki ya riƙe shi a ka.

To, mu koma kan takardar.

Ƙashin gadon baya ba sanda ɗaya ba ne, gaɓoɓi ne a jere, ɗaya kan ɗaya. Na ƙugu guda biyar ne, ana ƙirga su daga sama zuwa ƙasa, `L1` har `L5`, sai ƙashin da ke ƙarƙashinsu wanda ya haɗe da kwankwaso, gaɓarsa ta farko ita ce `S1`. Tsakanin kowace gaɓa biyu akwai faifai, wanda aikinsa aikin gammo ne: ya ɗauki nauyi, ya hana ƙashi gugar ƙashi. Shi ya sa ake kiran faifai da sunan maƙwabtansa biyu. `L4-L5` na nufin faifan da ke tsakanin gaɓa ta huɗu da ta biyar, daidai wajen da kike ɗaura zani ko ƙasa kaɗan. Faifai biyun ƙarshe, `L4-L5` da `L5-S1`, su ne suka fi ɗaukar kaya, kuma kusan tara cikin goma na faifan ƙugu da ke fitowa a nan suke fitowa. Saboda haka wurin da naki ya fito ba baƙon wuri ba ne.

Shi faifan kashi biyu ne. Akwai zobe mai tauri a kewaye, akwai abu mai laushi mai ruwa-ruwa a tsakiya. Ke da kike ƙulla koko a leda kullum kin fi kowa sanin yadda abin yake. Idan kika aje ƙullin koko a kan tebur kika ɗora masa tafin hannu, zai baje ta kowane gefe, ledar ba ta fashe ba, ba wani wuri guda da ya tsiro. Wannan shi ne `bulge`. A ƙa'idar da masu karanta hoto ke bi, ana cewa haka idan faifan ya wuce bakin ƙashi ta fiye da rubu'in kewayensa, kuma yawanci wucewar ba ta kai milimita 3 ba. Ba a ma lissafa shi cikin fitowar faifai. Gammo ne da ya sha kaya ya kwanta.

Kalmar da ta fi tsorata mutane a wannan layin ita ce ta bayansa, `indenting the thecal sac`. Jijiyoyin da ke sauka ta cikin ramin gadon baya suna cikin wata jaka ce mai ruwa, suna shawagi a ciki. Abin da layin ke cewa shi ne faifan ya ɗan lotsa gaban jakar. Lotsa jaka daban, matse abin da ke cikinta daban. Kuma ki lura, mai rubutun bai ambaci wata jijiya a wannan layin ba, ba hagu ba dama. Haka nan `desiccation` da ke layi na uku: ruwan cikin faifan ne ya ragu, sai ya fito baƙi a hoton maimakon fari. Furfura ce ta cikin jiki.

Ba lallashi nake yi ba, an ƙirga. A 1994 an sa mutum 98 da ba su da ciwon baya ko kaɗan a cikin injin, aka ba masu karatu hotunan ba tare da an gaya musu komai ba. An sami faifai mai bajewa a kashi 52 cikin 100 nasu, an sami wanda ya tsiro ta gefe guda a kashi 27. A 2015 kuma aka tattara binciken da aka yi kan mutum fiye da 3,000 marasa ciwo, aka ga cewa a shekara 40 rabin mutane suna da bajewar faifai, a shekara 50 shida cikin goma. Da za a kwashe matan da ke jere da ke a bakin titi da safe, masu wake da shinkafa da masu tuwo, a kai su hoto, da yawansu za su dawo da takarda mai layi na ɗaya da na uku irin naki, alhali lafiyarsu ƙalau suke ɗaga tukunya.

Layi na biyu ne ya cancanci a zauna a kansa.

Koma kan ƙullin kokon. A ce ledar ta yi rauni a wuri ɗaya, kika danna, sai wannan wurin kaɗai ya tsiro kamar ƙurji, gindinsa da faɗi, kansa bai yi nisa ba. Wannan shi ne `protrusion`: fitowa ta wuri guda, ƙasa da rubu'in kewaye, kuma faɗin gindin ya fi nisan da ya tsiro. Idan abin cikin ya kutsa ta ƙaramar kafa ya fito ya yi kai, kan ya fi wuyan girma, sunan ya koma `extrusion`. Idan guntun ya yanke ya rabu da uwarsa, `sequestration` ke nan. Mutane suna ɗauka jerin nan matakan lalacewa ne, na farko da sauƙi, na ƙarshe sai aiki. Ba haka abin yake ba, zan dawo kan dalilin.

Milimita 5 ɗin da aka rubuta tsawon abin da ya tsiro ne, bai kai ƙwayar wake ba. Kada ɗanki ya tsaya auna tsananin ciwo da wannan lamba. Na ga mai ƙaramar fitowa ba ya iya taka ƙasa, na ga mai babba yana tuƙa motarsa zuwa Tamale ya dawo. Dalili biyu ne. Na farko, faɗin ramin da jijiyoyi ke bi ya bambanta daga mutum zuwa mutum, abin da ya cika ramin wani, a na wani da sauran fili. Na biyu, ciwon ba daga dannewa kaɗai yake zuwa ba. Abin da ke cikin faifai idan ya taɓa jijiya yana sa ta kumbura ta yi zafi, kamar barkono a kan sabon rauni. Hoton ba ya auna wannan zafin. Shi ya sa ciwo kan lafa tun faifan bai motsa daga inda yake ba.

Inda ya tsiro ya fi girmansa muhimmanci. `left paracentral` na nufin ta baya, kusa da tsakiya amma ya karkata hagu. A kowane mataki jijiyoyi biyu ne ke kusa da faifai a kowane gefe. Ɗaya tana fita daga ramin ta wata taga a gefe, a daidai wannan matakin. Ɗayar tana wucewa ta bayan faifan, za ta fita ta tagar mataki na gaba. Kamar motar haya ce, wani fasinja yana sauka a wannan tasha, wani yana kusa da ƙofa yana jiran ta gaba. A `L4-L5`, mai sauka ita ce jijiyar `L4`, mai wucewa ita ce `L5`, kuma ma'anar `traversing` ke nan. Faifan da ya tsiro kusa da tsakiya mai wucewa yake kamawa. Da a ce ya tsiro can gefe cikin tagar, sai a rubuta `foraminal`, kuma `L4` zai kama, ciwon ya bi wata hanya daban.

Wannan bayanin yana da amfani ne domin kowace jijiya tana da unguwarta a ƙafa, kuma a nan ne takarda ke haɗuwa da jiki. Ta `L4` tana bi ta gaban cinya da gwiwa zuwa cikin ƙwauri, ita ke taimaka wa miƙe gwiwa. Ta `L5` tana bi ta ɗuwawu da gefen cinya, ta sauko ta wajen ƙwauri, ta hau bayan ƙafa zuwa babban yatsa, ita ke ɗaga babban yatsa da gaban ƙafa sama. Ta `S1` tana bi ta bayan cinya da sha-raɓa zuwa diddige, gefen ƙafa da ƙaramin yatsa, ita ke ɗaga mutum ya tsaya kan yatsu.

Yanzu a ɗora naki a kai. Takarda ta ce hagu, ƙafarki ta hagu ce. Takarda ta ce `L5`, ke kuma tun kafin a karanta miki komai kin ce babban yatsa. Lokacin ma ya dace, domin ciwon ƙafar ya fara ne ranar tukunya. Gefe, hanya da lokaci duk sun yi shaida ɗaya, saboda haka a wurinki layin nan gaskiya yake faɗa. Sai ki dubi layi na uku, wanda ya ambaci jijiyar `S1` ta dama. Kin ce komai game da ƙafar dama? Ba ki ce ba. Idan babu ciwo a bayan cinyar dama ko ƙaramin yatsan dama, wannan layin ba shi da aiki a yau. Kalmar da aka sa ma ta nuna haka. Masu rubuta takardun nan suna da hawa uku: `abutting` ya taɓa jijiya kawai tana nan a mazauninta, `displacing` ya ture ta gefe, `compressing` ya matse ta har siffarta ta canza. Ta dama taɓawa ce, ta hagu matsewa.

Wannan gwama takarda da jiki shi ne ainihin aikin. An taɓa kawo mini wani dattijo mai sayar da goro, 'ya'yansa sun riga sun fara haɗa kuɗin aiki saboda takardarsa ta ce faifai ya matse jijiya ta hagu. Na ce ya nuna mini wajen ciwon da hannunsa. Sai ya dafa gindin cinyarsa ta dama, ya ce sa wando da hawa mota ne ke ba shi wahala. Da na kwantar da shi na juya cinyar ciki, sai da ya riƙe hannuna. Gaɓar kwankwasonsa ce ta cinye, hoton ƙashi na yau da kullum ya nuna ta. Da an bi takardar an yi masa aikin baya, da ya tashi da ciwonsa cif. Haka ciwon suga ke iya kashe tafin ƙafafu biyu, haka masu sikila ke samun lalacewar kan ƙashin cinya, kuma duk suna iya zuwa da takardar MRI mai ambaton faifai. Idan kika ga an rufe takarda da `clinical correlation advised`, abin da mai rubutun ke cewa ke nan: ni hoto na gani, a je a duba mai jikin.

Sai maganar shanyewa, wadda na san ita ce ke hana ki barci. Laka, wato igiyar da ta taso daga ƙwaƙwalwa, ba ta kai ƙasan baya ba. A jikin babba tana ƙarewa ne wajen `L1` zuwa `L2`, can sama da inda naki ya fito. Daga nan zuwa ƙasa sai zaruruwan jijiyoyi, kamar jelar doki. Faifanki ya kama zare ɗaya ne a gefe ɗaya. Mafi munin abin da matse wannan zaren kaɗai zai iya yi shi ne ya raunana ɗaga yatsu da gaban ƙafar hagu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma shi za mu sa wa ido, amma ba shi ne zama a keken guragu ba.

Ga yadda za ku sa masa ido a gida, ke da ɗanki, sau biyu a sati, minti biyar ya isa. Ki dafa bango ki taka taku goma a kan diddige, yatsu a sama, ya tsaya a gabanki ya duba ko gaban ƙafar hagu na faɗuwa. Sannan ki zauna, ki ɗaga babban yatsa sama da iya ƙarfinki, shi kuma ya danna shi ƙasa da ɗan yatsansa, ya yi wa na dama, ya yi wa na hagu, ya kwatanta. Sannan ki dafa bango ki tsaya da ƙafa ɗaya ki ɗaga diddige sau goma, kowace ƙafa. A ƙarshe ya shafa bayan ƙafafun biyu da auduga, tsakanin babban yatsa da na kusa da shi, ki faɗa ko jin iri ɗaya ne. Ya rubuta kwanan wata da abin da ya gani. Wani lokaci ciwo ne ke hana mutum sa ƙarfi, ba rauni ba, don haka a gwada bayan kin sha magani ciwon ya ɗan lafa. Idan yatsan hagu ya ɗan fi na dama rauni amma yana nan yadda yake, a gaya wa likita ranar ganinsa. Idan kuwa wannan satin ya fi na jiya rauni, ko kin kasa tafiya kan diddige sam, kada ku jira ranar ganin likita, ku tafi asibiti a ranar nan.

Ki kuma lura da iyakar inda ciwon ke tsayawa. Idan yau yana kai wa yatsa, bayan kwana goma ya tsaya a ƙwauri, daga baya ya koma ɗuwawu, wannan sauƙi ne, ko da bayan ya ɗan ƙara ciwo. Ciwon da ke janyewa sama alama ce mai kyau, wanda ke ƙara gangarowa ƙasa shi ne ba a so.

Na ce zan dawo kan jerin sunayen nan. Jiki yana ɗaukar abin da ya fito daga cikin faifai a matsayin baƙo, sai ya turo ƙwayoyin da ke cinye shi a hankali, ruwansa kuma ya tsotse. Gwargwadon yadda guntun ya fito fili, gwargwadon yadda jini ke isa gare shi. Wani nazari na 2015 da ya tattara hotunan da aka maimaita wa marasa lafiya ya sami cewa guntun da ya yanke ya ragu da kansa a kashi 96 cikin 100, mai kai da wuya a kashi 70, mai faɗin gindi irin naki a kashi 41, mai bajewa kuma a kashi 13 kacal. Wato mai sunan da ya fi ban tsoro shi ya fi saurin narkewa. Kada 41 ɗin ta karya miki gwiwa, domin warkewa ba ta jiran faifai ya koma. A wani bincike a ƙasar Holan an sake ɗaukar hoton masu irin ciwonki bayan shekara guda, aka ga fitowar tana nan a kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka warke, kuma kusan haka a waɗanda ba su warke ba. Hoton bai iya raba su ba. Saboda haka idan kin ji sauƙi, kada ki sake kashe kuɗi a kan wani MRI don a ga ko ya koma. Ana maimaita shi ne idan alamomi sun canza ko an yanke shawarar aiki.

To yaushe aiki ke shigowa? A hali uku. Alamomin gaggawa da na fara da su, raunin ƙafa mai tsanani ko mai ƙaruwa, sai kuma ciwon ƙafa da ya ƙi lafawa bayan sati shida zuwa goma sha biyu na magani da motsa jiki yadda ya kamata, har ya hana mutum sana'a da barci, kuma hoton ya dace da jikin. Biyun farko likita ne zai matsa. Na ukun zaɓinki ne. A 2007 an buga sakamakon gwajin da aka yi wa mutum 283 masu ciwon da ya kai sati shida zuwa goma sha biyu. An yi wa rabi aiki da wuri, rabi aka ci gaba da magani, sai wanda ya kasa jurewa a yi masa. Waɗanda aka yi wa da wuri sun riga samun sauƙin ƙafa, amma da shekara ta zagayo ɓangarorin biyu sun yi kunnen doki. Abin da aikin ke saya miki shi ne lokaci. Ga mai ciyar da gida da cinikin kowace safiya lokaci ba abin rainawa ba ne, ba zan ce miki ba haka ba. Sai dai ki sani aikin cire guntun da ya tsiro ne kawai, ta ƙaramar tsaga, kuma ciwon ƙafa yake magancewa sosai. Tsohon ciwon bayanki na shekaru ba lallai ya tafi da shi ba. Duk wanda ya ce zai gyara miki faifai ukun gaba ɗaya saboda takarda ta ambace su, ki nemi ra'ayin wani likitan kafin ki sa hannu.

Ke yanzu kina sati na biyar, ranar ganin likita za ki shiga na takwas. In dai babu alamomin can, jiran bai yi yawa ba, kuma kwanakin ba na kwanciya ba ne. Kwanciyar da ta wuce kwana ɗaya ko biyu ƙara sandarar da baya take yi. Ki riƙa tafiya a fili mai laushi, minti biyar zuwa goma, sau uku ko huɗu a rana, kina ƙarawa kaɗan-kaɗan. Zama ne ya fi cutar irin wannan faifan, musamman a 'yar kujerar tsuguno gaban kaskon suya, inda gwiwa ke fin ƙugu tsawo kuma baya ya lanƙwashe. Ki samu kujera mai tsayi, a ɗaga murhun in zai yiwu, ki riƙa miƙewa duk bayan minti ashirin zuwa talatin. Tukunya da bokitin gasara kuwa a bar wa yara na wasu makonni. Abin da ya fi haɗari shi ne sunkuyawa da juyawa da kaya a hannu lokaci guda, musamman da asuba, domin faifai yakan sha ruwa ya cika cikin dare, kuma daidai lokacin ne kike ɗora tukunya. In za ki kwanta, ki kwanta ta gefe da matashi tsakanin gwiwoyi, ko rigingine da matashi ƙarƙashinsu. Ruku'u da sujada idan suna harba ciwon zuwa ƙafa, addini ya yi rangwame, ki tambayi malaminku yadda za ki yi kafin sauƙi ya samu. Ki nemi a tura ki sashen gashi da motsa jiki tun yanzu, ba sai kin ga babban likita ba.

Maganin ciwo yana da nasa haɗarin, kuma na fi ganin wanda magani ya kwantar fiye da wanda faifai ya kwantar. Irin su ibuprofen da diclofenac suna rage kumburin jijiya, amma guda ɗaya ake sha, bayan an ci abinci, na ɗan lokaci. Ba a haɗa biyu, kuma da yawan magungunan ciwon jiki da ake sayarwa a kemis da tasha suna ɗauke da su a ƙarƙashin wani suna, sai mutum ya sha ninki bai sani ba. Idan kina da gyambon ciki, hawan jini, ciwon suga ko matsalar ƙoda, kada ki fara su sai likita ko mai haɗa magani na asibiti ya duba ki. Baƙin bayan gida ko kumburin ƙafafu na nufin a dakata nan take. Tramadol kuwa kada ki saya da kanki, kin ga abin da ya yi wa samarin zango. Shafa man zafi da ɗumama baya da ruwan ɗumi ba laifi. Amma kada a taka miki baya, kada a murɗa shi da ƙarfi don a mayar da faifai, ba a mayar da shi da hannu daga waje. Tsaga da ƙaho ba sa isa inda jijiyar take.

Abu ɗaya da takardar ba za ta faɗa ba sai ke kin faɗa: idan kina zazzaɓi, gumin dare, rama ba dalili, ciwon da ba ya lafawa ko kin kwanta, ko an taɓa yi miki maganin tarin fuka ko ciwon daji, ki gaya wa likita tun kafin ya tambaya, kuma kada ki jira sati ukun. Tarin fuka yana kama ƙashin baya, muna ganinsa a nan.

Ranar zuwa, ki tafi da hoton kansa, fim ɗin ko faifan kwamfutar da aka ba ki, ba takardar kaɗai ba, domin likitan zai so ya gani da idonsa, ya kuma ƙirga gaɓoɓin da kansa, tunda akwai mutanen da ƙirar ƙasan bayansu ke sa lambar ta goce da mataki ɗaya. Ki haɗa da kwalayen duk maganin da kika sha, har na gargajiya, da takardar da ɗanki ya riƙa rubuta gwajin diddige da yatsa. Ki sa tufafin da za a iya duba ƙafar har cinya. Idan ya ce ki nuna inda ke ciwo, ki bi hanyar da yatsa ɗaya daga ɗuwawu har inda ta tsaya a ranar, ki kuma gaya masa inda take tsayawa sati uku da suka wuce.

Allah ya ba ki lafiya, Hajiya. A gaida yaran.